Kada bakinka ya maimaita abin da ke kan allo

Jama'a, ga wata 'yar dabara ga masu gabatar da jawabi da majigi. A ce shafin ya nuna: "Kuɗin mai: 40,000 zuwa 65,000." Kada ka karanto, idon mutane ya riga bakinka gamawa. Rubuta wa kanka abin da allon bai faɗa ba: "Ƙarin dubu ashirin da biyar ɗin nan, janareta ne ya cinye, tun da muka koma aikin dare."

Ni a akwatin Notes na PowerPoint nake ajiye irin wannan, jimla biyu ko uku kowane shafi, Presenter View ya nuna min ni kaɗai.

Ka gwada a ɗaki tukuna. In ka ga kana yawan juya wa masu sauraro ƙeya kana duban allo, to karatu kake yi, sake rubutawa.