Raba kuɗin ritayarka gida 25

'Yan uwa, wanda aka ba kuɗin ritayarsa a dunƙule, ba fansho na wata-wata, ga shawara: raba su gida 25, ka ci gida ɗaya a shekara. Kashi 4 cikin 100 ke nan.

Misali miliyan 12 na sefa gare ka. Rabonka jika 480 a shekara, wato jika 40 a wata.

Na san ya yi kaɗan. Amma kawuna a nan Tawa jika 100 ya riƙa zara duk wata. Yana cika 70 asusu ya bushe, ga shi yau 78, da ƙafarsa yake zuwa masallaci. Yi lissafi kamar za ka kai 90.

Amma fa a kula. William Bengen, wani mai ba da shawara kan harkar kuɗi a Amurka, shi ya fitar da wannan ƙa'ida ta kashi 4 a 1994, kan kuɗin da ake juyawa a kasuwar hannun jari da takardun lamuni ta Amurka, don su kai shekara 30. In naka a kwance suke, farashin hatsi na hawa, sauko zuwa kashi 3, jika 30 a wata.

Kuɗin asibiti da na aurar da 'ya'ya kuma, ware su daban kafin ka fara rabon.