Yadda ake raba kaloli kafin buga zane a riga

A ce zanen yana da ja, rawaya da baƙi.

1. A raba kowace kala a shafinta, a mayar da ita baƙi ƙirin. Ta cikin shafin ake haska ragar da ake buga zanen da ita; toka-toka yana barin haske ya ratsa, ragar ta toshe.

2. A sa alamar + iri ɗaya a kusurwoyi huɗu na kowane shafi, don daidaitawa.

3. Inda rawaya ta haɗu da baƙi, a faɗaɗa rawayar da rabin milimita ta shiga ƙarƙashinsa. In ba haka ba, raga na ɗan gocewa sai yadin rigar ya leƙo tsakaninsu. Shi ya sa ake buga baƙi a ƙarshe.

4. A fitar da shafukan a fim mai shara-shara, a girman 100%, a ɗora su kan juna a duba.