Babi na 6: Karanta Tallar Aiki da Zaɓen Sharuɗɗa Uku

Wasiƙar neman aiki shafi ɗaya ce. Idan aka cire adireshi da gaisuwa da sa hannu, abin da ya rage bai wuce layi 20 ba. Tallar aiki kuwa takan jero sharuɗɗa 8 ko 10. Wanda ya raba layukansa daidai wa daida tsakaninsu, kowane sharaɗi zai samu layi biyu, kuma layi biyu ba ya gamsar da mai ɗaukan aiki. Saboda haka sharuɗɗa uku za mu zaɓa mu ba su wuri mai faɗi. Ku tanadi fensir da takarda.

Darasi na 1: Sassan talla

Ga tallar da za mu yi aiki da ita. Ku kwafe ta a takardarku.

ANA NEMAN MAI KULA DA SITO
Ayyukansa: karɓar kaya da ƙirga su, rubuta shigar kaya da fitarsu a littafi kowace rana, riƙe makullin sito, ƙidayar kaya a ƙarshen wata da kai wa manaja rahoto.
Sharuɗɗa:
1. Takardar shaidar gama sakandare.
2. Shekara 25 zuwa 40.
3. Dole ya yarda da yin aiki ranar hutu idan kaya suka iso.
4. Dole ya taɓa aikin sito na aƙalla shekara 2.
5. Dole ya iya rubuta lissafin kaya ba tare da kuskure ba.
6. Mai riƙon amana.
7. An fi son wanda ya iya kwamfuta.
8. Lasin tuƙi ƙari ne.

Tallar tana da sassa uku. Na sama, mai manyan haruffa, shi ne sunan aikin. Na biyu, "Ayyukansa", yana faɗin abin da mutum zai riƙa yi kullum. Na uku, "Sharuɗɗa", yana faɗin abin da ake so mutum ya zo da shi. Ku karanta tallar sau biyu, a hankali, da murya idan ya fi muku sauƙi. Karatun farko ba a riƙe fensir.

Darasi na 2: "Dole" da "an fi so"

Yanzu ku ɗauki fensir. Kalmar "dole" da "aƙalla" da "wajibi" suna nufin ba a ɗaukan wanda bai da abin. "An fi son" da "ƙari ne" suna nufin za a yi murna da shi, amma rashinsa ba ya hana aiki. Ku sa ɗan gicciye a gefen lamba 7 da 8. Ba za su shiga cikin ukunmu ba. Sharaɗin da ba a rubuta komai a gabansa ba, kamar lamba 1 da 2 da 6, ku ɗauke shi a matsayin dole.

Saura shida.

Darasi na 3: Sharaɗin "e ko a'a" da sharaɗin hujja

A nan mafi yawan ɗalibai ke tuntuɓe, don haka kada ku yi sauri, kuma kada ku damu idan bai zauna muku da farko ba.

Ku ɗora yatsa a kan kowane sharaɗi ku yi wannan tambaya: shin "e" kaɗai ta isa amsa?

Lamba 1, takardar sakandare. Kana da ita? E. Kwafinta yana haɗe da wasiƙar, babu abin ƙarawa. Lamba 2, shekaru. Shekarunka 31, an gama magana. Lamba 3, aiki ranar hutu. Ka yarda? E. Waɗannan uku sharuɗɗan "e ko a'a" ne. Suna da muhimmanci, domin rashinsu na iya fitar da mutum, amma layi ɗaya ya ishe su.

Yanzu lamba 4. Ka taɓa aikin sito? E. To mai karatu zai tambaya: a ina, yaushe, wane irin kaya? "E" ba ta isa ba. Lamba 5, ka iya lissafin kaya? Kowa zai ce e, har wanda bai taɓa riƙe littafin sito ba. Lamba 6, kana da amana? Babu wanda zai ce a'a. Waɗannan sharuɗɗan hujja ne, su ne masu cin wuri. Ku ja layi a ƙarƙashin 4 da 5 da 6.

Mu sake. Yatsa a kan sharaɗi, sai tambaya: "e" ta isa? Idan ta isa, layi ɗaya. Idan mai karatu zai ce "nuna mini", a ja masa layi.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauki ukun farko saboda su ne a sama. A wannan tallar ukun farko duka na "e ko a'a" ne. Wanda ya cika shafinsa da sunan makarantarsa da shekarar da ya shiga da wadda ya fita, ya ɓata wurin da zai nuna ya iya aikin. Zama a sama ba ya sa sharaɗi ya fi nauyi.

Akwai gwaji na biyu da zai tabbatar muku da zaɓin. Ku koma sashen "Ayyukansa". Sharaɗin da ya sake fitowa a can, shi ne ke damun mai ɗaukan aiki. Lissafi ya fito sau uku: ƙirga kaya, rubutu a littafi, ƙidayar ƙarshen wata. Amana ta fito a riƙon makulli. Tuƙi bai fito ko sau ɗaya ba. Ke nan lamba 5 ce mafi nauyi, ita za ta fara a wasiƙar. Idan sharuɗɗan hujja sun kai biyar a wata talla, wannan ƙirgen ne zai fitar muku da uku.

An faɗa sau biyu, amma har yanzu wasu za su kawo wasiƙa mai layi shida a kan lasin tuƙi, don kawai sun sha wahala kafin su same shi. Wannan rashin bin darasi ne. Ba direba ake nema ba. Ku goge, ku mayar da yatsa kan talla, ku sake tambayar: "e" ta isa?

Darasi na 4: Hujjar kowane ɗaya

A gaban kowane sharaɗi da kuka ja wa layi, ku rubuta wuri da tsawon lokaci da adadi. Kada a rubuta "na iya lissafi sosai". A rubuta kamar haka: "Na yi shekara 3 ina rubuta shiga da fitar kaya iri 60 kowace rana, kuma ƙidayar ƙarshen wata tana dacewa da littafina." Ga amana: "Ni kaɗai na riƙe makullin sito shekara 2, kuma tsohon shugabana zai ba da shaida." Abin da bai faru ba kada a rubuta shi, domin za a tambaya a ranar ganawa.

Darasi na 5: Rabon layuka

Layi 3 na buɗewa. Layi 6 ga lissafi, 4 ga aikin da aka taɓa yi, 3 ga amana. Layi 2 ga takarda da shekaru da ranar hutu, har da kwamfuta idan an iya. Layi 2 na rufewa. Jimla 20.

Aikin gida

Ku samo wata tallar aiki. Ku sa gicciye, ku ja layi uku, ku zo da ita darasi mai zuwa.