Darasi na Bakwai: Mayar da Lambar Masu Bincike Zuwa Buhu da Murfin Kwalba

Masu binciken aikin gona idan sun gama gwaji, sukan tara sakamakonsu a shafuka ashirin ko talatin da ake haskawa da majigi. An tsara shafukan ne domin 'yan'uwansu masu bincike, shi ya sa suke cike da jadawali da gajerun haruffa. Kai da ka iya karatu, wata rana za a miƙo maka irin waɗannan shafuka a ce ka bayyana wa manoma ko shugabannin gari abin da ke ciki. A wannan darasi za mu ɗauki shafi ɗaya tak, mu bi shi har ya zama maganar da mutum zai riƙe a ka ya tafi da ita gona.

Kada ka fara daga shafin farko. Shafukan farko yawanci tarihin aikin ne da sunayen waɗanda suka yi shi. Ka juya can wajen ƙarshe, ka nemi inda aka faɗi abin da manomi zai yi da hannunsa. Idan ka same shi, sai ka dawo baya ka nemo sharuɗɗansa.

Mu ƙaddara gwajin takin zamani ne a kan masara. Lambobin amfanin da ke ƙasa na koyon lissafi ne kawai, kada wani ya ɗauke su a matsayin shawarar gonarsa. Shafin ya nuna haka:

```
0 kg N/ha     2.0 t/ha
60 kg N/ha    3.0 t/ha
p < 0.05
```

Harafin da ke cin rabin taki

Na taɓa zama a wani taro inda mai fassara ya dubi layi irin na biyun nan ya ce: "Ku zuba kilo sittin na taki a hekta ɗaya." Kowa ya gyaɗa kai. Buhu ɗaya da ɗan ƙari ke nan, abu mai sauƙi. Sai dai ba haka shafin ya ce ba, kuma wanda ya bi wannan magana bai zuba ko rabin abin da aka gwada ba.

Kuskuren yana wajen harafin N. Wannan harafi na nufin naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. Masu bincike ba nauyin buhu suke ƙirgawa ba, nauyin sinadarin da ke cikin buhun suke ƙirgawa. Takin yuriya kashi 46 cikin ɗari ne kawai naitirojin, kuma za ka ga lambar 46 a jikin buhunsa. Ashe buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin.

To buhu nawa zai ba mu kilo 60? Buhu biyu sun ba mu 46. Saura 14, wanda ya ɗan haura rabin buhu. Jimla buhu biyu da rabi da ɗan ɗori, wato wajen kilo 130 na yuriya. Dubi tazarar da ke tsakanin 60 da 130.

Idan kuma takin da ke hannun mutanen mai lamba 15-15-15 ne, lissafin ya sake. Buhunsa mai kilo 50 kilo bakwai da rabi na naitirojin kawai yake ɗauke da shi, don haka sai buhu takwas kafin a kai 60. Saboda haka kafin ka buɗe baki, ka nemo a cikin shafukan irin takin da aka yi gwajin da shi, ka kuma san wanda manoman ke samu. Idan shafukan ba su faɗa ba, ka tambayi mai binciken ko malamin gona. Tambaya ba ta zubar da girma.

Faɗin gona

Haruffan ha na nufin hekta, fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Ina ba ka shawara ka guji kalmar kadada a nan, domin wani hekta yake nufi da ita, wani kuma eka, kuma a maganar taki wannan ruɗani ya isa ya ninka abu fiye da sau biyu.

Ka raba kilo 130 gida biyu da rabi, za ka samu kimanin 52. Ga magana ta yi daɗin faɗi: buhun yuriya ɗaya a eka ɗaya. Wannan kowa zai riƙe.

Amma manoma da yawa ba su taɓa auna gonarsu ba. Wani zai ce maka gonarsa rabin hekta ce domin ya taka mita 50 ta nan, 50 ta can. Ba rabi ba ce, kwata ce, kuma takinta wajen kilo 33 ne. Maganin wannan shi ne ka sauko da lissafin zuwa gindin shuka, inda babu ruwanka da faɗin gona. A ce an shuka da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 50 tsakanin rami da rami. Hekta ɗaya za ta ɗauki ramuka wajen 26,700. Kilo 130 giram 130,000 ne. Idan ka raba, kowane rami ya tashi da giram biyar, ko ƙasa da haka kaɗan.

Babu manomin da ke yawo da sikelin giram a aljihu. Ka samo ƙaramin sikeli tun kafin ranar taro, ka auna giram biyar na yuriya, ka zuba a murfin kwalba ka ga inda ya tsaya: shafe da baki, ko da tozo, ko bai cika ba. Murafe sun bambanta, don haka wanda ka auna da shi shi za ka ɗaga a gaban jama'a, ka bar shi ya zaga hannu-hannu. Idan shafukan sun ce an raba takin zubi biyu, to rabin wannan awo ne kowane zubi, kuma dole ka faɗi sati nawa bayan shuka ake kowanne. Idan tazarar shukar mutanenka ta bambanta da ta gwajin, awon murfin ma ya canza, sai ka sake lissafi.

Wani abu da masu bincike kan manta rubutawa domin a wajensu sananne ne: yuriya idan aka watsa ta a kan ƙasa aka bar ta a fili, wani kasonta yakan bi iska. Ana tona ɗan rami a gefen shuka, ba a jikin kara ba don kada ta ƙone, a zuba a rufe, lokacin da ƙasa ke da danshi. Idan ka faɗi awo ka bar wannan, ka ba da rabin saƙo.

Abin da aka samu, da abin da ba a yi alkawari ba

Yanzu ɓangaren dama na shafin. Harafin t tan ne, kilo 1,000. Tan biyu buhu 20 ne masu kilo ɗari-ɗari, tan uku kuma buhu 30. Mai bincike zai ce amfani ya ƙaru da kashi hamsin cikin ɗari. Kai ka ce: inda aka saba ɗaukar buhu biyu, an ɗauki uku. Kalmar hamsin takan sa wasu su ji kamar buhu hamsin ake nufi, wasu kuma su ɗauka ninki ne.

Lambar 3.0 matsakaici ce. An haɗa abin da filaye da yawa suka bayar aka raba. A cikinsu akwai wanda ya wuce haka, akwai wanda bai kai ba. Ka nemi shafin da ya nuna mafi ƙaranci da mafi yawa, ka faɗi duka biyun. A ganina mafi ƙarancin ya fi muhimmanci ga wanda zai ci bashi ya sayi taki.

Layin ƙarshe, p < 0.05, shi ya fi rikita masu fassara. Ma'anarsa ita ce, da a ce takin ba ya yin komai, da wuya a ga bambanci mai girman wannan, ƙasa da sau biyar cikin ɗari. Iyakar abin da yake faɗi ke nan. Bai ce bambancin zai biya kuɗin taki ba, bai kuma ce manoma 95 cikin ɗari za su ci riba ba. A gaban jama'a ya isa ka ce: "An maimaita gwajin a filaye da dama, kuma alamu sun nuna ba dace ba ne." Kada ka ƙara gishiri.

Sai sharuɗɗa. A gonar cibiyar bincike aka yi gwajin, ko a gonakin manoma? Damina nawa? Wane iri aka shuka, kuma an zuba wani takin tun wajen shuka? Gonar cibiya takan samu noma a kan kari da kulawar da gonar mutum ɗaya ba ta samu, shi ya sa amfaninta yakan fi. Gwajin damina ɗaya kuwa bai ga shekarar fari ba. Shugaban gari musamman yana bukatar jin wannan, domin shi za a zo wa da ƙorafi idan abu bai yi ba. Ga yadda duk shafin zai iya fitowa daga bakinka:

"Ranka ya daɗe, sun gwada yuriya a kan masara, buhu ɗaya a eka. Inda ba a zuba ba an samu buhu takwas a eka, inda aka zuba an samu wajen sha biyu. A gonar cibiya aka yi, damina biyu, da ingantaccen iri. Wanda zai gwada ya ware kunya goma ya zuba, ya bar goma na kusa da su, ya auna da kaka."

Lura cewa buhu 20 da 30 na hekta sun koma takwas da sha biyu, tunda da eka muka fara magana. Ma'aunin da ka fara da shi, shi za ka riƙe har ƙarshe.

Bayan ka gama kada ka ce "Kun gane?", domin kowa zai ce e. Ka miƙa wa wani dattijo murfin ka ce: "Baba, nuna mana yadda za ka yi a gindin masara ɗaya." Idan ya cika murfin sau biyu, ko ya watsa bai rufe ba, ka san inda bayaninka ya yi rauni, sai ka koma wurin.

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu. An ba ku shafi mai ɗauke da 46 kg N/ha, kuma takin yuriya ne. Buhu nawa ke nan a hekta ɗaya? Kilo nawa mai gonar mita 50 da mita 50 zai saya? Wani shafin ya nuna amfani ya tashi daga 1.5 t/ha zuwa 2.0 t/ha. Ɗaya ya faɗe shi da buhu ba tare da ya ambaci tan ko kashi cikin ɗari ba, ɗayan kuma ya zama shugaban manoma, ya yi masa tambayoyi biyu a kan inda aka yi gwajin da kuma lokacin da aka yi shi. Daga nan ku yi musaya.