Darasi na Tara: Takardar Ɗaukar Aiki da Faransanci

Wani direba mazaunin Aboabo a Kumasi ya samu takarda daga kamfanin sufuri na Abijan. Ga layuka uku da ke tsakiyarta:

Salaire brut : 150 000 FCFA par mois
Période d'essai : un mois, renouvelable une fois
Préavis : un mois

Layi na farko albashi ne, sefa 150,000 a wata. Amma "brut" na nufin ba a cire haraji da kuɗin fansho ba tukuna. Abin da zai shiga hannu shi ne "net", sai a tambaya nawa ne.

Layi na biyu shi ne lokacin gwaji: wata ɗaya, ana iya sabunta shi sau ɗaya. A nan masu fassara suka fi cutar da mutane, don sukan ce "wata ɗaya" su tsallake sauran. Idan direban ya fara aiki ran 1 ga Maris, gwajinsa zai ƙare ran 31 ga Maris. In an sabunta, sai 30 ga Afrilu. A cikin wannan lokaci mai kamfani na iya sallamarsa ba tare da ba shi wa'adi ba, shi ma yana iya ajiye aikin haka nan. Sai dai gwaji ba aikin kyauta ba ne, dole a biya shi kwanakin da ya yi. In an ce an ƙara masa wata, ya nemi a ba shi a rubuce. Shawararmu ita ce kada ya saki ɗakinsa na haya, kada ya kwashi iyali, sai gwajin ya wuce.

Layi na uku wa'adin barin aiki ne, kuma yana fara aiki bayan gwaji. Ya hau kan ɓangarorin biyu. Idan direban ya miƙa takardar ajiye aiki ran 10 ga Yuni, zai ci gaba da tuƙi har wajen 10 ga Yuli, da albashinsa. In ya tafi ba sallama, ana iya binsa kuɗin watan. In kamfani ne ya ce ya tafi yau, ba tare da babban laifi ba, shi zai biya shi watan.

Kada a auna wannan da dokar ƙwadago ta Gana ta 2003, wadda ta sa mako biyu ga kwantiragin da bai kai shekara uku ba. Aikin Abijan dokar can yake bi.

Aikin aji: an ɗauki wata mai ɗinki ran 1 ga Satumba, takardarta ta ce "deux mois, renouvelable une fois". Ku rubuta ranar da gwajinta zai ƙare, da ranar da zai ƙare in an sabunta.