Yadda ake rubuta maganar da za a faɗa a gaban kamara ta fito kamar hira

Duk shekara idan watan Shawwal ya kama, ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina da masu hidimar alhazai a Makka sukan fara ɗaukar gajerun bidiyo da waya domin faɗakar da maniyyatan da ke shirin tasowa daga Najeriya da Nijar. Na kalli da yawa daga cikinsu, kuma matsalar kusan ɗaya ce: mutumin da idan kuka zauna shan shayi a Shara Mansur da ke Makka zai yi maka bayani mai daɗin ji, da zarar ya tsaya gaban kamara da takarda sai ya koma mai karanta sanarwa. Yawanci sukan ɗora laifin a kan tsoron kamara, amma a ganina laifin yana cikin rubutun, domin sun rubuta Hausar jarida, wadda aka gina don ido, sannan suka nemi baki ya ɗauke ta.

Abu na farko shi ne kada ka fara da alƙalami. Ka kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarka, ka ƙudurta a ranka cewa wata dattijuwa ce a gabanka, wadda ba ta taɓa fita daga ƙaramar hukumarsu ba, ka yi mata bayanin abin da kake so ka faɗa kamar yadda za ka yi idan ta tare ka a ƙofar masauki. Bayan haka ka saurara, ka rubuta abin da ka ji kanka ka faɗa, har da maimaici da ƙananan kalmomi irin su "to", "dai", "fa" da "kuwa". Wannan rubutun ne za ka gyara. Wanda ya fara da rubutu sannan ya yi ƙoƙarin sassauta shi ya zama magana, yakan ƙare da abin da ba rubutu ba, ba kuma magana ba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe, wato bidiyon minti ɗaya a kan zafin rana. A hajjin 2024, wanda ya zo a watan Yuni, zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mahajjata fiye da 1,300. Ga irin yadda sabon shiga yakan rubuta wannan:

"Sakamakon tsananin zafin rana da aka fuskanta a yayin gudanar da aikin hajjin shekarar 2024, wanda ya yi sanadiyyar rasuwar mahajjata fiye da 1,300, ana shawartar ɗaukacin maniyyata da su tabbatar da cewa sun riƙa yin amfani da lema tare da yawaita shan ruwa a duk lokacin da za su fita."

A takarda babu kuskure ko ɗaya a wannan jimla. Amma ka gwada faɗarta da ƙarfi a tsaye. Numfashinka zai ƙare a wajajen "sanadiyyar", za ka tsaya a inda ma'ana ba ta tsaya ba, kuma mai sauraro zai jira har kusan ƙarshe kafin ya ji abin da ake so ya yi. Sannan babu mai magana a cikinta, domin "ana shawartar" ba ta nuna wa yake ba wa shawara. Ga yadda zan so in gan ta:

"Assalamu alaikum, baƙin Allah.
Idan za ku fita da rana, ku riƙi lema.
Ku riƙi ruwa, ku riƙa kurɓa ko ba ku ji ƙishirwa ba.
Zafin nan fa ba irin wanda kuka sani a gida ba ne.
A hajjin dubu biyu da ashirin da huɗu,
mutum fiye da dubu ɗaya da ɗari uku ne suka rasu,
da yawansu saboda zafi.
To, don Allah, lema da ruwa."

Ka lura da abin da ya sauya. Umarnin ya dawo gaba, dalilin ya biyo baya, domin mai kallo a waya ba ya komawa farkon jimla kamar yadda mai karatu ke yi. Sunayen aiki masu nauyi, irin su "gudanar da", "yin amfani da" da "yawaita shan", sun koma aikatau kai tsaye: ku riƙi, ku kurɓa. An kuma maimaita lema da ruwa a ƙarshe. A rubutu ana ganin maimaici aibi ne, amma a magana shi ne abin da ke sa zance ya zauna a kai.

Kowane layi numfashi ɗaya ne, kuma wannan ƙa'ida ce da ba na sassautawa. Ka karya layi a inda za ka ja numfashi, ko da babu waƙafi a wurin. Ni ba na barin layi ya wuce kalma goma sha biyu, kuma idan ya wuce nakan tarar akwai "wanda" ko "inda" a tsakiyarsa da ke riƙe da jimla ta biyu, sai in sake ta ta tsaya da ƙafarta. Sai dai kada duk layukan su zo tsawo ɗaya, domin hakan yakan sa murya ta kama wani kari kamar na hadda. Ka sa dogo, ka bi shi da gajere.

Yanzu ga wurin da na fi ganin mutane suna tuntuɓe, kuma kusan babu mai yi musu gargaɗi a kansa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Mai karatu a zuci ba ya damuwa da wannan, domin idan ya kai ƙarshen jimla ma'ana za ta warware masa. Mai karantawa a gaban kamara kuwa dole ya zaɓi sautin kalma a daidai lokacin da idonsa ya sauka a kanta, tun bai ga abin da ke biye ba. Ka duba layin nan: "Ka sha ruwa kafin ka fita." Idan aka ja wasalin "ka" aka ɗaga murya, labari ne ko tambaya a kan abin da ya riga ya faru. Idan aka gajarta shi aka saukar da murya, umarni ne. Rubutun iri ɗaya ne. Mai karantawa yakan fara da sautin farko, ya kai tsakiya ya gane ba shi ba ne, sai ya ɗan yi turus ko ya gyara murya, kuma wannan ɗan turus ɗin shi ne abin da ke tona wa mai kallo cewa karatu ake yi. Haka abin yake da "ya" da "ta": "ya koma masauki" tana iya zama labari, tana iya zama abin da ake so mutum ya yi.

Maganin yana da sauƙi idan ka san inda cutar take. Hanya mafi kyau ita ce ka yi magana da jam'i, domin "ku sha" da "kun sha" sun bambanta a rubuce, haka ma "su koma" da "sun koma", "a ba shi" da "an ba shi". Wannan ya kuma dace da ladabi, tunda yawancin masu kallonka iyaye ne da kakanni, waɗanda ba za ka ce musu "kai" ba ko a fili. Idan dole sai ka yi amfani da tilo, ka sa wata kalma a gaba da za ta share wa murya hanya: "dole ka sha", "gara ya koma", "ya riga ya koma". Kalmomin da ke da fuska biyu kuma, irin su "baƙi" da "gari", ka ja musu layi a takardarka, ko ka rubuta wasalin sau biyu inda ake jansa. Takardar taka ce, ba wanda zai duba maka ƙa'idar rubutu a cikinta. Saboda wannan dalilin ne kuma nake cewa kada ka taɓa barin ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ, domin idan wayarka ba ta da su, "kafa" da "ƙafa" za su zo maka da kama ɗaya a tsakiyar magana.

Lambobi ma haka. A takardar da za ka karanta, ka rubuta su da kalmomi yadda za ka furta su, kamar yadda na yi a misalin sama. Wanda ya daɗe a Saudiyya idan ya ga 1,300 bakinsa yakan rasa ko da Larabci zai faɗa ko da Hausa ko da Turanci, kuma wannan shakkar tana fitowa a fuska. Ka kuma rage su. Na cire digiri 51.8 daga layukan da gangan, domin dattijuwar da muke yi wa magana ba ta auna zafi da digiri, kuma lamba biyu a jere sun isa minti ɗaya.

Akwai kuma larurar da ta keɓanta da mu mazauna nan. Hausarmu ta cuɗanya da Larabci har ba ma ji, sai ka ji mutum yana cewa a je mustashfa, a hau sayyara, a koma funduƙ, yana sa "ya'ani" da "khalas" a kowace gaɓa. Idan bidiyon na 'yan Jidda da Makka ne, ka bar su, domin haka ake magana. Idan kuwa na maniyyatan gida ne, ka bi rubutun ka mayar da su asibiti, mota da masauki. Sunayen wurare da na ibada, irin su Mina, Arfa, Muzdalifa, ɗawafi da jifa, ka faɗe su yadda alhazan suka saba ji a wurin bita. Gabatarwa kuma ka taƙaita ta. Sallama ta wadatar a bidiyon minti ɗaya, domin doguwar huɗuba da jero gaisuwa za su cinye maka sulusin lokacin kafin ka ambaci lema.

Idan rubutun ya kammala, ka karanta shi da ƙarfi a tsaye, da muryar da za ka yi amfani da ita, kana duba agogon waya. Duk inda harshenka ya sarƙe sau biyu a wuri ɗaya, kada ka tilasta wa kanka, ka sauya kalmar. Idan ya wuce lokacin da ka ɗiba, ka cire layi sukutum, kada ka ƙara sauri.

Wajen ɗauka, ba sai ka kashe riyal a kan na'urar nuna rubutu ba. Akwai manhajojin waya da ke tafiyar da rubutu a kusa da idon kamara, amma ni na fi son hanyar da ba ta cin ko sisi: ka dubi layi biyu a takarda, ka ɗaga kai ka faɗe su ga kamara, ka ɗan yi shiru, ka dubi na gaba, daga baya ka yanke wuraren duban. Idan ka faɗi layin da wasu kalmomi dabam amma ma'anar tana nan, ka bar shi haka, in dai ba aya ko hadisi ko lamba ba ce, waɗanda dole a faɗe su daidai. Kafin ka tura wa jama'a, ka kunna wa wani sabon zuwa ba tare da ya kalli fuskar wayar ba, sannan ka tambaye shi me aka ce ya yi idan zai fita da rana.