Yadda Ɗalibin Tarihi Zai Rubuta wa Malaminsa Wasiƙar Neman Jagora Kan Kundin Addini da Mulki

Da farko, ka buɗe da sallama da muƙamin malamin, Farfesa ko Dakta, sannan ka faɗi sunanka da ajinka.

Mataki na biyu shi ya fi wuya: ka taƙaita batun. Idan ka rubuta "addini da mulki a Arewa" kawai, malamin zai dawo maka da wasiƙar, domin ba ta da iyakar wuri ko lokaci. Gara ka ce kana son nazarin kotunan alƙalai a masarautar Kano daga 1903, da Turawa suka ci garin, zuwa 1960, kana tambayar yadda aka raba iko tsakanin sarki da alƙali da Razdan.

Daga nan ka ambaci madogararka, wato rahotannin Turawan mulki da ke ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, kuma ka bayyana ko kana karanta Larabci, tunda da shi alƙalai suka rubuta hukunce-hukuncensu.

A ƙarshe, ka nemi abu ɗaya takamaimai: "Malam, ina roƙon lokacin da zan kawo tsarin babi-babi a duba mini."